Jarrabawar IELTS saura kwana goma, gabana sai faɗuwa yake yi

'Yar Gusau: Assalamu alaikum. Ni nas ce a nan Gusau, zan je Abuja rubuta jarrabawar Turanci ta IELTS nan da kwana goma. A gida ina amsa tambayoyin gwaji lafiya lau, amma da na kunna sashen saurare da agogo a gabana sai zuciyata ta hau bugawa, in tambaya ɗaya ta wuce ni sai sauran su bi ta. Barci ma ya fara gagara ta. Ku ba ni shawara don Allah.

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ki ja numfashi sosai da sauri sau goma kafin a fara. Ranar kuma ki sha shayi mai kauri ko ki ɗan tauna goro, ido zai buɗe.

Anti Malama: Baban Sadik, numfashin gaskiya ne, saurin ne ban yarda da shi ba. Mai fargaba dama numfashinsa ya riga ya yi sauri. In ya ƙara, iskar da jiki ke fitarwa sai ta fita fiye da kima, nan jiri ke zuwa, yatsu da leɓe su riƙa tsikari. Ke nas ce, kin ga haka wajen marasa lafiya. Fitar numfashi a hankali ita ke rage bugun zuciya. Ki shaƙa ta hanci kina ƙirga huɗu, cikinki ya taso kafaɗu na zaune, ki sake ta baki kina ƙirga shida, kamar mai hura kunu mai zafi. Minti biyu sun isa. In kin ji jiri, kin cika ja ne, ki rage.

Amma fa daga yau za ki fara, bayan kowace salla da kuma kafin kowane gwaji a gida, don jiki ya saba. Abin da aka fara koya a bakin ƙofar ɗakin jarrabawa ba ya aiki.

Batun tambayar da ke wuce ki kuwa, nan ne matsalar. A sashen saurare tambaya 40 ce, cikin kusan minti 30, kuma sau ɗaya ake kunna muryar. A ce kina jiran amsar ta 14, sai kika ji mai magana ya ambaci kalmar da ke cikin ta 15. To ta 14 ta tafi. Saki numfashi sau ɗaya, ki mai da ido kan ta 15 nan take. Kin rasa maki ɗaya ke nan, amma in kika tsaya nemanta a kai, uku ko huɗu za su bi ta. A ƙarshe ki cike gurbin da abin da kika fi zato, tunda ba a rage maki don kuskure. Ki gwada haka da gangan: kunna gwaji, ki ƙyale tambaya ɗaya ta wuce, ki ga yadda za ki kamo ta gaba.

Ɗan Talata Mafara: Ni lokacin jarrabawata maganin mura na sha na yi barci. Ki nemi irinsa a kemis.

'Yar Gusau: Yaya, irin wannan ina ba marasa lafiya, na san yadda yake barin kai da nauyi har hantsi. Tsoro nake ji. Kuma ina da aikin dare har ranar Talata, jarrabawar Asabar.

Anti Malama: Kada ki sha, kai mai nauyi ba zai jure fiye da awa biyu da rabi a zaune ba hutu ba. Aikin daren ne abin dubawa. Ki roƙi wata ta canje ki tun makon nan. In bai yiwu ba, daga Laraba ki tashi da asuba kada ki koma, ki fita rana ta taɓa ki, ƙailula kada ta wuce minti 20. Shayi da goro ki bar su daga azahar, don rabin ƙarfinsu na nan a jiki bayan awa biyar. Da safen Asabar ki sha abin da kika saba kawai. Daren jajibiri ko barcin bai zo sosai ba, kada ki ta duba waya kina lissafin awoyin da suka rage, dare ɗaya ba ya goge Turancin da kika iya.

Hajiya Babba: 'Yata, ki kama hanya tun Alhamis. Gusau zuwa Funtuwa, Zariya, Kaduna, sannan Abuja, yini guda ne a mota, kuma ba a bin ta da dare. Juma'a ki je ki ga wurin da idonki. Fasfon da kika yi rajista da shi ki sa a jaka tun daren. Ki karya da abin da cikinki ya sani, ki yi addu'arki ki shiga.

Baban Sadik: Na ji, amma ni dai ban da goro da ban gama tawa ba.

'Yar Gusau: Na gode ƙwarai. Na yi wa shugabarmu maganar canjin aiki, ta ce sai ta duba jadawali. In ta ƙi, kwana uku za su isa barcin ya daidaita, Anti?