Lissafin jan bulo ya fita, amma kwaɓi ya ƙi

Assalamu alaikum, magina da masu lissafin kayan gini. Katanga ce a nan Maradi, tsawo mita 10, tashi mita 2, kauri santimita 22, wato tsawon bulo guda. Jan bulon da aka gasa 22 × 10,5 × 6 ne, kwaɓin tsakani kuma santimita 1.

Ga yadda na bi. Bulo da kwaɓinsa yana cin 23 × 7 a fuskar katanga, kusan 62 ke nan a murabba'in mita. Tunda sahu biyu ne a kaurin katangar, 124,2. Duka katangar 2.484, da ƙarin kashi 5 cikin ɗari na fashewa, kusan 2.610.

Kwaɓi ne ya tsaya mini. Cikin katangar kubik 4,4 ne, bulo ya cinye 3,44, saura 0,96. A kilo 300 na siminti kowane kubik, buhu 6 ne. Magini kuwa ya ce sai 10.

Na auna bulon, wasu kaurinsu 5,5 ne. In duka haka suke, aka cike giɓin da kwaɓi 1,5, tashin bulo da kwaɓinsa yana nan a 7, yawan bulo bai canza ba, amma kwaɓi ya haura 1,24, buhu bakwai da rabi. Har yanzu bai kai 10 ba.

Kashi nawa kuke ƙarawa don wanda ke zubewa ƙasa da wanda ke cike ramukan bulo? Kuma yashin gulbi busasshe kubik nawa ke ba da kubik ɗaya na kwaɓi? Allah ya saka da alheri.