Neman kalmar Hausa: me za mu kira "Monte Karlo" a lissafin jinkirin aiki?

Mai tsara aiki, Zariya 2: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakonku a kan suna guda. Duk wanda ya daɗe yana tsara jadawalin shantiye ya san hanyar nan da ake ce wa Monte Karlo: maimakon a ba kowane aiki kwanaki guda ƙayyadaddu, sai a ba shi mafi ƙaranci, da wanda aka fi sa rai, da mafi tsawo, na'ura ta riƙa zaro adadi tsakaninsu tana lissafa ranar gamawa sau dubbai. A biro muna faɗinta da Faransanci mu wuce. Amma idan na zauna da mai kuɗin aikin ko da shugabannin magina, sunan ba ya gaya musu komai. Wanda ya gane shi kuwa gidan caca yake tunawa, sai ya tsuke fuska. Ina son kalmar da in na faɗe ta, mutum zai hango abin da ake yi.

Ɗan Tasawa: Wa alaikumus salam. Injiniya, ai kalmar tana nan: kintace. Ko kirdado. Ba hasashen ranar gamawa ake yi ba?

Malamin lissafi: Ƙanena, rabin gaskiya ka faɗa. Kintace shi ne abin da mai tsari yake zubawa a ciki, wato adadi ukun nan. Abin da na'ura take yi da su ba kintace ba ne, ƙidaya ce. Bari in kawo misali, don sunan ya fito daga cikin aikin.

A ce za a zuba dal ɗin bene. Kafin ranar zubi dole abu uku su kammala, kuma tare suke tafiya: kafintoci su gama kafa katako, maƙera su gama ɗaurin rodi, siminti da tsakuwa su iso. A ce kowanne, in komai ya yi daidai, kwana 8 ne, abin da aka fi sa rai kwana 10, in ya ɓaci kwana 18. A jadawalinmu na kullum 10 za mu rubuta wa duk ukun, mu ce ranar ta 11 za a yi zubi.

To a yi zaro. Karo na farko na'ura ta ba kafinta 9, maƙeri 13, siminti 11. Zubi yana jiran na ƙarshe, saboda haka 13 aka rubuta. Karo na biyu ta ba su 12 da 10 da 16, aka rubuta 16. Haka za a yi ta yi har sau 5000, sannan a jera amsoshin daga ƙarami zuwa babba a ƙirga.

In aka ɗauki rabon nan mai siffar dala, wanda ƙololuwarsa ke kan 10, aiki guda yana gamawa cikin kwana 10 sau 20 ne kacal cikin 100, domin wutsiyar jinkiri ta fi ta sauri tsawo nesa ba kusa ba. Su ukun su gama tare cikin kwana 10 kuwa, in babu abin da ya haɗa su, 0,2 sau 0,2 sau 0,2 ne, bai kai 1 cikin 100 ba. Ranar da muka sa wa hannu a takarda ke nan.

Ɗan Tasawa: Malam, shi ya sa ni ba na rubuta 10. Lissafin PERT nake yi, a haɗa 8 da 40, wato 10 sau huɗu, da 18 a raba da 6, ya ba ni 11. In ina son kwanciyar hankali in ba kowane aiki 14. Me ya rage kuma?

Malamin lissafi: Nan ne ramin yake. Kwana 14 ya ishi aiki guda sau 80 cikin 100, wannan gaskiya ne. Amma uku ne suke haɗuwa a ƙofa ɗaya, sai ka lissafa 0,8 sau 0,8 sau 0,8, ka samu kusan 51 cikin 100. Ranar da kake ganin ka ɗaure ta tamau, rabi da rabi ce. In kana son 80 cikin 100 a ranar zubin kanta, sai wajen kwana 16. PERT, tun da aka ƙirƙiro shi a 1958 don aikin makamin Polaris na sojan ruwan Amurka, hanya mafi tsawo guda yake bi, ya kau da kai daga sauran hanyoyin da ke dab da ita. Duk mahaɗar da hanyoyi masu kusan tsawo ɗaya suke taruwa, ranar tana zamewa gaba. Shi ya sa nake son sunan ya nuna zaro da maimaici, ba hasashe ba.

Hajiya mai sa ido kan ayyuka: Ni dai ina roƙon kada kalmar caca ta shigo ko da wasa. Na taɓa gabatar da irin wannan a gaban kwamitin wani gini, wani dattijo ya tambayi ma'anar sunan, na gaya masa gaskiya cewa unguwar gidan caca ce a Monako. Daga nan babu wanda ya sake kallon adadin. Alhali waɗanda suka fito da hanyar, Ulam da von Neumann da Metropolis, masana lissafi da kimiyya ne a Los Alamos a shekarun 1940, laƙabi kawai suka sa mata. Shawarata ita ce ƙuri'a. Kowace mace a Maradi ta san yadda ake nannaɗe takardu a zuba a kwano don a ga wadda za ta fara kwasar adashe. Abin da na'urar ke yi ke nan: kwano guda ga kowane aiki, cike da takardun kwanaki, na 10 da 11 sun fi yawa, na 17 'yan kaɗan. A ce ƙuri'ar kwanaki.

Baba, tsohon shugaban shantiye: Ku yi mini haƙuri 'ya'yana, ni ban ga amfanin wannan dogon zance ba. A 2023 aka rufe iyakar Nijar da Najeriya, kayan da muke jira ta Jibiya da Ɗan Isa suka tsaya cak, sai watan Maris na 2024 aka buɗe. Wace na'ura ce ta san da wannan? Ku ce mata duba kawai, ko bugun ƙasa, mu huta.

Mai tsara aiki, Zariya 2: Allah ya ja da ran Baba. Ba ta sani ba, kuma ba ta da'awar sani, shi ya sa duba bai dace da ita ba. Abin da ba ka zuba a kwano ba, ba zai fito ba. Amma maganarka ta taɓo wani kuskure da nake yawan gani. Wasu suna jin tsoron irin wannan lamari sai su ja mafi tsawon kwanakin kawo siminti daga 18 zuwa 90. Yin haka yana lalata lissafin gaba ɗaya, domin na'ura za ta riƙa zaro 40 da 55 kamar abin yau da gobe ne. Rufe hanya ko ya faru ko bai faru ba. Ana ba shi kwanonsa daban: a fara zaro ko ya faru, in ya faru sannan a zaro kwanakin da zai ƙara. Nawa ne rabon faruwarsa, wannan kam ku da kuka ga jiya kuka ga yau za a tambaya.

Baba, tsohon shugaban shantiye: To in za a tambaye mu, ga abin da zan ce. Damina ba ta zaɓen aiki. In Agusta ta zo da ƙarfi, kamyon yashi ba ya shiga gulbi, bulo ba ya bushewa, leburori sun tafi noma. Duk tare suke lalacewa. Haka azumi.

Malamin lissafi: Baba ya faɗi abin da ya fi komai ɓata wannan lissafi. Ku ɗauki ayyuka 10 a jere, kowanne 8, 10, 18. Jadawalin kullum ya ce kwana 100. In kowanne da ƙuri'arsa daban, jinkirin wannan yana cinye saurin wancan, sai P80, wato ranar da sau 80 cikin 100 ba a wuce ta, ya fito wajen 126. In kuwa abu guda ne yake jan su duka, ma'aikata ɗaya, damina ɗaya, har ya zama ƙuri'a ɗaya ce take hukunta su, P80 ya koma 140. Mako biyu cur tsakani, ba tare da an taɓa adadi ko ɗaya ba. Alamar da za ka gane an manta da wannan ita ce ka ga aikin shekara guda amma tazarar P10 da P90 'yan kwanaki ce. Haka kuma duk wanda ya farfasa aiki guda zuwa ƙanana 20 zai ga tazarar ta tsuke, ba don haɗarin ya ragu ba.

Ɗan Tasawa: Na karɓa. Amma sai an sayi manhaja mai tsada?

Malamin lissafi: Don gwada misalin dal, Excel ɗinka na Faransanci ya isa:

```
A2: =ALEA()
B2: =SI(A2<0,2;8+RACINE(A2*20);18-RACINE((1-A2)*80))
G2: =MAX(B2;D2;F2)
H1: =CENTILE(G2:G5001;0,8)
```

C da D na maƙeri, E da F na siminti, a ja su ƙasa. Ka bar `ALEA()` a gidansa shi kaɗai. In ka cusa shi sau uku a cikin `SI`, kowanne sabon adadi zai zaro, rabon ya karkace. Ka danna F9 ka ga ko H1 yana zama kusa da 15,6. In yana tsalle da yawa, ƙara layuka, amma ka sani sai ka ninka su huɗu kafin rawar ta ragu da rabi. Kuma yawan layuka ba ya gyara 8 da 18 in tun farko daga ka aka faɗe su ba daga littafin shantiye ba.

Ɗan Tasawa: Saura ƙorafi ɗaya a kan kalmar Hajiya. Yau in ka ce ƙuri'a, zaɓe mutane suke ji. Wani zai ɗauka hannu za a ɗaga a zaɓi ranar gamawa. Me zai hana a ce kwaikwayon aiki, tunda ana gina shi ne a na'ura kafin a gina a ƙasa?

Hajiya mai sa ido kan ayyuka: Kwaikwayo zai kai su ga wasan telebijin, kuma ya zubar da zaron, wanda shi ne zuciyar abin. Matsalar zaɓe a aikatau take. Kada a ce jefa ƙuri'a ko kaɗa ƙuri'a, a ce zaro. Mun zaro ƙuri'ar kwanaki sau 5000, a 4000 daga ciki an yi zubi kafin kwana 16 su cika. Wa zai ji wannan ya tuna akwatin zaɓe?

Mai tsara aiki, Zariya 2: Wannan jimlar ta zauna mini, Hajiya, na gode. Zan riƙa rubuta ƙuri'ar kwanaki, in sa Monte Karlo a gefe a karon farko saboda masu karanta rahoto. P80 ne har yanzu ban samu bakinsa ba. Na so in ce ranar tabbas, amma ƙarya ce, tunda sau 1 cikin 5 ana wuce ta.

Malamin lissafi: Ranar huɗu cikin biyar.

Baba, tsohon shugaban shantiye: Ya yi tsawo. Mai gini zai tambaye ku wace rana zai gayyaci mutane buɗe gida, ku nemo abin da za ku ce masa. Kuma wanda zai zo neman kwanakin damina a wurina ya zo bayan la'asar, littattafan shantiyena na tun da can suna nan cikin akwati.