Falle bakwai ko takwas? Muhawara kan lissafin ragar ƙarfe ta daɓen kankare

Nasiru: Assalamu alaikum. Zan zuba daɓen kankare a ƙasa, mita 10 da mita 7, kaurin milimita 150. A zane an rubuta raga A252, kuma fallenta mita 4.8 ne da 2.4. Mai ɗaurin rodi ya ce a raba murabba'in mitan wurin da na falle, a ƙara kashi 10 cikin ɗari, shi ke nan. Ya samu falle 7. In sayo 7 ɗin?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Daidai ya faɗa maka. Wurinka murabba'in mita 70 ne, falle ɗaya 11.52, ka ga 6 da ɗan ɗigo. Na bakwai shi zai cike hawan juna da yanke-yanke. Haka muka taso muka ga ana yi.

Injiniya Rabi: Malam Habu, a yi mini afuwa, kashi 10 ba ya riƙe hawan juna. Idan falle ya hau ɗan'uwansa da milimita 400 a tsawo da kuma a faɗi, abin da kowane sabon falle ke ƙara rufewa 4.4 ne da 2.0, wato 8.8. Tsakanin 11.52 da 8.8 akwai ƙarin kusan kashi 31. Ko an rage hawan zuwa 300, ƙarin na kai wa kashi 22. A ƙaramin wuri abin ba ya kai haka saboda gefunan waje ba sa hawa kan komai, amma bai sauko 10 ba a nan.

Nasiru, fara cire milimita 50 a kowane gefe don kada ƙarfe ya leƙo daga kankare, sai dai in zanenka ya ba da wani adadin. Ya rage 9.9 da 6.9. Sannan ka lissafa kowane ɓangare shi kaɗai, ka ɗaga sakamakon zuwa cikakkiyar lamba ta sama:

```
n = (tsawon wuri - hawa) / (tsawon falle - hawa)
```

In tsawon falle ya bi 9.9, za ka samu 9.5 ÷ 4.4 = 2.16, wato 3. A faɗi kuma 6.5 ÷ 2.0 = 3.25, wato 4. Falle 12 ke nan in ba a mori guntayen da aka yanke ba. In ka juya su suka bi 6.9, sai ya zama 2 sau 5, falle 10.

Malam Habu: Sha biyu? Haba Injiniya, ai wannan asarar dukiyar mutum ce. Fiye da kashi ɗaya cikin uku zai koma guntaye.

Injiniya Rabi: Gaskiyarka, kuma ban ce ya sayi 12 ba. Wannan lissafin gurabe yake nunawa, ba dole kowane gurbi ya ci cikakken falle ba. Falle 6 cikakku, layi uku, biyu-biyu, sun rufe 9.2 da 6.4. A gefe saura rabin mita, in an haɗa da hawa ana buƙatar ɓari mai faɗin 0.9. Ka tsaga falle ɗaya gida biyu ta tsawo, ka samu layi na huɗu. A ƙarshen kowane layi kuma saura 0.7, da hawa 1.1. Ka datse wani fallen gida huɗu, kowane 1.2, uku na layukan nan, na huɗu na kusurwa. Jimla 8.

Bakwai kuwa ko yaya aka yanka ba za su kai ba. Ƙarfen da shimfiɗar nan ke ci, har da hawa, 10.7 ne sau 8.1, wato kusan 86.7. Falle 7 gaba ɗaya 80.64 ne.

Sani: Ni dai da na yi dakin ɗina, wato rufin kankare, rodi mai tsawon mita 12 aka sayo aka yanka, kuma kashi 10 ɗin ya wadatar har da saura.

Baba Ilu: Sani, naka daban. Sandar rodi a tsawo kawai take hawa, kuma in ɗaki bai kai mita 12 ba ko hawan ma babu. Raga kuwa ta fuska biyu take hawa. Sannan dakin ba daɓen ƙasa ba ne, kada a gauraya su.

Abin da ya fi damuna shi ne inda ake ɓoye ƙarancin. In falle bai isa ba, yaro ba zai tsayar da aiki ba, sai ya ja ragar har bakinta ya taɓa bakin 'yar'uwarta, ya ɗaure da waya. Wayar ɗauri riƙe wuri kawai take yi kafin a zuba, ba ta ɗaukar ja. Bayan kankare ya bushe sai ka ga tsaga miƙaƙƙiya kamar an ja ta da igiya, in ka auna daga gefe ka same ta daidai bakin falle.

Nasiru: Baba, to in an bi shimfiɗar Injiniya, akwai wuraren da falle huɗu za su haɗu ke nan?

Baba Ilu: Ka yi tambaya mai kyau, ɗana. Wayar A252 milimita 8 ce, kowane falle kuma waya biyu ne ɗaya bisa ɗaya, 16 ke nan. Huɗu sun tara 64 a cikin daɓen 150. Ƙarfe ya taso sama, kankaren da zai lulluɓe shi ya ragu, tsakuwa ma ba ta ratsawa sosai. Maganinsa a saɓa layukan. Layin farko ya fara da cikakken falle, na biyu ya fara da guntun nan, na uku ya koma kamar na farko. Sai a samu uku kawai a mahaɗa, kuma ba a ƙara falle ko ɗaya ba.

Malam Habu: Na yarda 7 ta gaza in hawan 400 ne. Amma wa ya ce dole 400? Mu 300 muke yi. Ku juya fallen ya bi 6.9, guntun da ake buƙata 2.4 ne cif, rabin falle. Layi biyar, cikakku biyar da rabi biyar, ba ɓarna.

Injiniya Rabi: Shimfiɗar ta yi kyau ƙwarai, Malam, amma ƙirga ta: 5 da 2 da rabi, 7 da rabi, dole dai a sayi 8. Kuma in hawan ya koma 400, guntun ya zama 2.5, abin da ya rage a falle 2.3 ne, bai isa wani layin ba. Adadin hawa ba zaɓin mai saye ba ne, zane ne ke faɗa, domin ya danganta da kaurin waya da ƙarfin kankare. Jujjuya guntaye ma a ragar A ne kawai ya halatta, don wayarta iri ɗaya ce ta kowace fuska, tazara 200. Ragar B tana da ɓangaren da ya fi ƙarfi, ba a juya ta yadda aka ga dama.

Baba Ilu: Akwai inda ba mu daidaita ba, 'yata. Ni idon raga biyu cikakku, wato tagogin da ke tsakanin wayoyi, nake cewa su hau. Fallen nan yana da tsinin waya na 100 a bakinsa. In kin auna 400 daga tsini zuwa tsini, ido ɗaya ne kawai ya hau. Ido biyu cikakku 600 ne.

Injiniya Rabi: Haka ne Baba, kuma da 600 ƙarfen da ake buƙata ya kusa 97, falle 8 kuwa 92.16 ne, su ma sun gaza. Ni a ganina 600 ya yi yawa ga wayar 8 a daɓen ƙasa.

Baba Ilu: Ni kuma ban taɓa nadamar sa ba.

Nasiru: Na duba zanen yanzu, an rubuta 400 amma ba a ce daga ina za a auna ba. Zan tambayi wanda ya zana kafin in yi oda, in ya ce tsini zuwa tsini ne in sayo 8.