Bes dina na fada da kik, ku taimaka min

Salam 'yan uwa furodusoshi, don Allah ina neman taimako. Ina hada wani bit na afrobit a FL Studio nan Agege, tempo 104, kuma bes din ya ki zama da kik. Kik yana sauka a bugu na 1 da na 3, sai wani dan karami kafin na 4. Da na dora bes a kan kowane kik daidai, sai kasan ya cushe, kik din ya bace, ba wannan dukan kirjin da ke tada mutum rawa. Da na matsar da bes din tsakanin kik kuma sai ya zama kowa na tafiyarsa daban.

Na sa saidcen da Fruity Limiter, idan release ya kai 200 ms bes din na shakewa kamar mai haki, idan na rage zuwa 50 ms cushewar ta dawo. Na duba EQ, kik dina karfinsa na wajen 55 Hz, wakar kuma a A take, kun ga A1 ma 55 Hz ne, su biyun wuri daya suke zaune. Ni zargina nan matsalar take, don a hedifon lafiya lau, amma a sifikar wani mai DJ a Idi-Araba sai gurnani kawai.

To in canja kik zuwa mai gajeren jela ne, ko in daga bes zuwa A2 ya koma 110 Hz? Tsorona kar nauyin ya tafi. Sannan tsawon not fa, kuna yanke shi kafin kik na gaba ya shigo ko kuna bari ya ja?