Farin tabo a fata: vitiligo ne ko naman gwari?

An yi tambaya a kan wani saurayi mai ɗigo-ɗigon haske a fatar baya da ƙirji: shin vitiligo ne, wato cutar da ke sa fata ta rasa launinta, ko kuwa naman gwari ne? Shawarar da aka fi yarda da ita: a kankare wurin da farce a hankali. In ya tashi da gari-gari kamar dusa, yana kuma ɗan ƙaiƙayi in an yi gumi, alamar pityriasis versicolor ce, wadda naman gwarin Malassezia ke haddasawa. Vitiligo kuwa fari ne fat kamar madara, sumul ba ɓawo, ya fi kama yatsu, gefen baki da kewayen ido, wani lokaci har gashin wurin ya yi fari.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne bayan magani. Shamfu ɗin ketoconazole na kashe naman gwarin, amma launin fata kan ɗauki watanni kafin ya dawo, sai a zaci maganin bai yi ba.