Neman kalma: suna ɗaya ga duk haja, ko kowace da nata?

Mai Fassara: Jama'a, a taimaka min da Hausar abin da Turawa ke kira "burand akitekca". Shi ne shawarar da kamfani ke yankewa in ya fara girma: duk kayansa su ɗauki suna ɗaya irin na Dangote, siminti da sukari da gishiri, ko kowace haja da sunanta irin na Unilever, mai Close Up da Knorr. Na rubuta "ginin tambari", amma bai kwanta min ba.

Ɗan Kwari: Ai tambari ne, Malam. A ce "zanen tambari" a huta.

Hajiya Mai Talla: A'a, Alhaji. Tambari shi ne hoton da ke jikin leda. Nan ana maganar sunan da mai saye ke kira a bakin shago ne. Ni "tsarin sunayen haja" nake cewa, ɓangarorin biyu kuma gandu, in suna ɗaya ne ga duka, da gayauna, in kowace da nata.

Ɗauki kamfanin yaji da ke da naira miliyan 6 na talla a shekara. In ya ƙaro garin kunu da man gyaɗa da suna ɗaya, kuɗin duka suna ɗaya suke ginawa, mai shago kuma zai karɓi sabon kayan don ya san tsohon. In ya raba suna uku, kowanne miliyan 2 ya samu, ba wanda za a ji. Amma ranar da ya fara maganin sauro, dole ya yanka masa gayauna. Uwar gida ba za ta so sunan da ke kan gubar sauro a jikin abin da take zubawa a miya ba. Kuma a gandu wake ɗaya ke ɓata gari: NAFDAC ta janye haja ɗaya, sauran ma sai su yi kwantai.

Lauya: Ƙarin bayani, Hajiya. Suna ɗaya ba ya nufin rajista ɗaya. Rajistar alamar kasuwanci aji-aji ce, 45 ne: yaji aji na 30, sabulu na 3, maganin sauro na 5. A Najeriya kowane aji da takardarsa, ta farko shekara 7 take yi. Masu gandu da yawa a nan suke faɗuwa, su je buɗe sabon layi su tarar wani ya riga su sunan a wancan ajin. Sai dai "gayauna" ba ta gamsar da ni ba, don mai gayauna shi ke cin amfaninta, alhali ribar Knorr Unilever take komawa.

Hajiya Mai Talla: Da gaskiyarka. Abin da ya ja ni gare ta shi ne ana iya cire ta ba a taɓa gandu ba, kamar yadda Unilever ta sayar da Blue Band a 2018.

Mai Fassara: To na ɗauki "tsarin sunayen haja" da "sunan gandu". Saura na biyun, da irin Milo, mai sunansa amma da Nestlé a samansa.