Neman kalma: me za mu kira "taitireshin" na allurar insulin?

Maman Ilham, Malali:
Assalamu alaikum jama'a. Ina rubuta wata 'yar takarda da Hausa da za mu riƙa ba masu ciwon suga da aka ɗora a kan insulin mai dogon aiki, wato wadda ake yi sau ɗaya a rana ta riƙe mutum har washegari. Kalma ɗaya ta tsaya mini. Likitoci na cewa "taitireshin": mutum ya tara gwajin safe na mako guda, a duba inda sugan ya karkata, a ɗan taɓa yawan allurar, a jira, a sake dubawa. Na rubuta "ƙarin allura" amma raina bai kwanta ba. A taimaka mini da abin da tsohuwa a Rigasa za ta ji ta gane.

Malam na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ai kin kusa. Ki ce "ƙarin allura sannu a hankali". Ni a sanina haka ake yi, a fara da kaɗan a yi ta hawa har sugan ya sauko.

Anti Nas, Kawo:
Malam, Allah ya ƙara ilimi. Sannu a hankalin nan daidai ne, "ƙari" ce nake jin tsoro. Wanda aka ce masa aikin ƙari ne, hanya ɗaya zai sani, ta sama, alhali wani makon ragewa ake yi, wani makon kuma ba a taɓa komai. Bari in kawo lissafi, wataƙila kalmar ta fito daga ciki.

A ce dattijo mai ciwon suga nau'i na biyu, nauyinsa kilo 80, yana yin yunit 14 kullum ƙarfe tara na dare. Likitansa ya rubuta masa cewa sugan safe, kafin ya karya, ya zauna tsakanin 80 da 130. Ga littafinsa:

Litinin 168
Talata 175
Laraba 159
Alhamis 171
Juma'a 164
Asabar 231
Lahadi 170

Abin da na fara yi ba lissafi ba ne, ina neman ko akwai wanda ya faɗi ƙasa da 70, ko daren da ya farka da gumi da rawar jiki. Babu. Sai in koma kan 231 ɗin nan in tambaye shi, Baba me ya faru daren Juma'a? Ya ce walima aka yi, ya ci shinkafa da lemon kwalba wajen sha ɗaya na dare. To wannan ba laifin allura ba ne, mu ajiye shi gefe. Sauran shidan duk suna zagaye 170 ne, babu wanda ya shiga tsakanin 80 da 130. Su ne ke magana. Sai a ƙara yunit 2, daga 14 zuwa 16, a tsaya a nan.

Tsayawar ita ce mutane ba sa so. Irin wannan insulin sai ta kwana biyu zuwa huɗu a sabon awo kafin aikinta ya zauna a jiki, shi ya sa ba a sake taɓawa kafin kwana uku, da yawa ma mako ake ba shi. Mako na biyu ya dawo da 140 da wani abu zuwa 150 da kaɗan, aka kai 18. Na uku ya kawo 126, 119, 128, 122. Nan aka bar shi a 18 ɗinsa. Kun ga mako na ukun nan ma aikin aka yi, amma ba a ƙara ko ɗigo ba.

Ɗan Rigasa:
Anti, ni fa na ɗauka abin da ake nufi shi ne in na gwada da dare na ga ya hau sai in ƙara a daren, in ya sauka in rage. Haka nake wa mahaifiyata. Jiya ma 280 na gani na ƙara mata huɗu.

Anti Nas, Kawo:
Ƙanina, don Allah ka daina daga yau. Mai dogon aiki ba ta kashe sugan tuwon da aka ci yanzu. Huɗun da ka ƙara za su bi ta har asuba da hantsin washegari, lokacin da cikinta ba komai. Gwajin safe na kwanaki ne ke yanke mata hukunci, ba gwajin dare ɗaya ba. Ka mayar da Mama kan awon da aka rubuta mata, ka rubuta gwajin safe kullum, ku kai wa likitanta littafin. Kuma ka duba ruwan allurar. In mai hazo ce irin wadda ake murzawa a tafin hannu kafin a ja, musamman gauraye da ake yi safe da yamma kafin abinci, tsarinta daban ne, wannan lissafin ba nata ba ne.

Maman Ilham, Malali:
Wannan tambayar ta Ɗan Rigasa ta ƙara nuna mini cewa dole kalmar ta ɗauki jira a cikinta. "Gyaran allura" fa?

Malam na Tudun Wada:
Gyara sai abin da ya ɓaci. Mutum zai ji kamar likita ya yi kuskure tun farko. Na janye "ƙari", amma ina ba da "daidaita". Daidaita awon allura daki-daki. Hausa ce tsantsa, kuma daki-daki ya ɗauki jiran da kike nema.

Baban Sadik, Kakuri:
Ni bakanike ne, ba malami ba, amma a wurinmu "saiti" muke cewa. Kamar mai murɗa rediyo yana neman tasha, ya matsa gaba kaɗan, in ya wuce ya dawo baya, in murya ta fito tas ya cire hannu. Saita allura. Kowa a Kaduna zai gane.

Amma tunda ga nas, bari in faɗi nawa. Kilo 70 nake. Da yunit 10 aka fara mini, yanzu ina 44, ni nake ƙarawa duk sanda na ga bai yi mini ba. Da safe lafiya lau, 95, 88, wani lokaci 102. Kafin in kwanta kuwa 250, 260. Sau biyu a makon nan na farka wajen ƙarfe uku riga sharkaf, zuciya na bugawa, sai na sha shayi mai suga na dawo daidai. In ƙara ne don na daren ya sauko?

Anti Nas, Kawo:
Yaya, kada ka ƙara. Littafinka ragi yake nema, kuma wannan ba na jira har mako ba ne, ka ga likitanka gobe ko jibi.

Abu uku na gani. Farkawar nan da gumi alamar faɗuwar suga ce, kuma ko sau ɗaya ta faru ba tare da wani dalili bayyananne ba, ƙa'idar da aka saba bi ita ce a rage kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari. A 44 ɗinka, kusan yunit 4 zuwa 9 ke nan. Sannan dubi tazarar da ke tsakanin kwanciya da tashi: ka kwanta a 260 ka tashi a 95, sugan ya zube da 165 kana barci. Aikin mai dogon aiki ta riƙe shi kusa da inda ta same shi, in zubewar ta kai 50 ko ta wuce ana fara zargin ta yi yawa. Yau abincin dare ne ke cetonka. Daren da ka kwanta a 140 saboda ba ka ci sosai ba, ina wannan 165 ɗin zai fito? Na uku, in awo ya haura rabin yunit a kowane kilo, a wurinka 35 ke nan, ana dakatawa a tambaya ko matsalar a wani wuri take. Taka tana kan abincin dare ne. Ko a rage tuwon a ci da wuri, ko likita ya haɗa maka wani magani na lokacin cin abinci. Wannan shi zai zaɓa.

In ya sake tashinka, ka gwada kafin ka sha komai in hannunka zai iya. Ƙasa da 70, ka sha suga cokalin cin abinci ɗaya a ruwa, ka sake gwadawa bayan minti 15. Ka rubuta lokacin da lambar.

Hajiya Babba, Unguwar Rimi:
'Yata, ni tawa na'urar ba ta nuna waɗannan manyan lambobin. 9.4 ta ba ni yau, jiya 9.1. Ko nawa ya yi ƙasa da yawa ne?

Anti Nas, Kawo:
A'a Hajiya, ki duba gefen lambar za ki ga an rubuta mmol/L, su kuma nasu mg/dL ne. Ki ninka naki sau 18. 9.4 ɗin nan kusan 169 ne, ya ɗan hau ma. A irin na'urarki, 80 zuwa 130 shi ne 4.4 zuwa 7.2, faɗuwa kuma ƙasa da 3.9. Maman Ilham, ki sa wannan a saman takardar da manyan baƙaƙe.

Ki kuma sa cewa ba kowane mako ake yarda da shi ba. Makon zazzaɓin cizon sauro suga kan hau, haka in ana shan magungunan nan na sitiroid. Biron allurar insulin da aka buɗe ya wuce kwanakinsa, yawanci 28, ko ya sha zafin Maris da Afrilu a aljihun mota, ƙarfinsa na raguwa. In aka yi ta ƙari a kan mataccen biro, ranar da aka buɗe sabo sai mutum ya faɗi. Masu ciki, yara, masu nau'i na ɗaya da masu ciwon ƙoda kuma kada su ɗauki lambobin nan, nasu daban likita ke yankewa. Tsofaffi sosai ma akan sassauta musu iyakar.

Malam na Tudun Wada:
Bayan duk wannan, ina nan kan "daidaita". "Saiti" aro ne, kuma yana kama da abin da ake yi sau ɗaya a gama.

Baban Sadik, Kakuri:
Malam, da girmanka, mota ma ana komawa saiti. Ni dai in nas ta ce mini "zo mu saita allurarka" na san har ragi a ciki. Gobe da safe zan je in sha Allahu.

Maman Ilham, Malali:
Na gode ƙwarai. A kan takardar zan rubuta "Daidaita awon allura daki-daki", a layin farko kuma in ce "wato saita ta, ko sama ko ƙasa ko a bar ta yadda take". Saura ɗaya: shi wannan duban mako da ake yi kafin a taɓa awon. Na rubuta "bin sawun suga", abokiyar aikina ta ce "karatun littafi" ya fi sauƙi a bakin tsofaffi. Wanne za ku ɗauka?

Hajiya Babba, Unguwar Rimi:
Mu da ba mu yi boko ba, kika ce karatu sai mu tsorata. Bar mana bin sawun. Amma ki bar fili babba a gefen kowace rana, jikata ke rubuta mini abin da na ci da dare, kuma rubutunta manya ne.